Idan Haihuwa Ta Yi wa Akuya ko Tunkiya Gardama

Akuya da tunkiya suna ɗaukar ciki na kimanin wata biyar, wato kwana 145 zuwa 155, kuma yawancinsu suna haihuwa da kansu ba tare da an sa musu hannu ba. Idan lokaci ya gabato, hantsa takan cika ta yi tauri, jijiyoyin gindin wutsiya su saki, uwar ta ware kanta daga garke, tana kwanciya tana tashi, tana tonon ƙasa da ƙafa. Wannan farkon naƙuda ne, lokacin da bakin mahaifa yake buɗewa, kuma yana iya kai awa shida zuwa goma sha biyu, musamman ga mai haihuwar fari. A wannan mataki ba abin da take bukata sai wuri mai tsabta, busasshe, da a ƙyale ta.

Lissafi yana farawa ne daga lokacin da faya ta fito, ko uwar ta fara yunƙuri mai ƙarfi. Daga nan ya kamata ɗa ya faɗo cikin rabin awa zuwa awa ɗaya. Idan ta yi minti talatin tana nishi sosai ba a ga ci gaba ba, lokacin dubawa ya yi. Masu kiwo sukan yi kuskure ta hanya biyu a nan: wani ya yi gaggawar cusa hannu tun ƙofa ba ta buɗe ba, wani kuma ya bar dabba tana wahala tun daga dare har wayewar gari. Na biyun ya fi kashe ’ya’ya, domin ruwan da ke sa santsi yana bushewa, uwar kuma ƙarfinta yana ƙarewa.

Mai dubawa zai yanke farce, ya cire zobe, ya wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ya wanke bayan dabbar da ruwan ɗumi. Safar hannu ta roba tana da amfani ƙwarai, saboda akwai cututtukan da ke sa dabbobi ɓari waɗanda mutum ke ɗauka ta ruwan haihuwa da mabiyiya. Don haka mace mai ciki ba ta yin wannan aiki, ko da kuwa akuyar tata ce. Sai a shafa man santsi da ake sayarwa a shagon magungunan dabbobi, idan babu a yi da man gyaɗa mai tsabta, a haɗe yatsu wuri ɗaya a shigar a hankali tsakanin yunƙuri da yunƙuri. Mai ƙaramin hannu ya fi dacewa.

Abin da ake nema shi ne sanin yadda ɗan yake kwance. Daidai shi ne ƙafafun gaba biyu su zo tare, ƙasan kofato yana duban ƙasa, hanci kuma yana bisa kansu. Idan ƙasan kofato yana duban sama, galibi ƙafafun baya ne. Ana tabbatarwa da lalube: a ƙafar gaba, gaɓar da ke bisa kofato da gwiwa suna lanƙwasawa gefe ɗaya, a ƙafar baya kuwa kowace tana lanƙwasawa nata gefen, kuma idan aka ci gaba za a taɓa wutsiya. Jar akuyar Sakkwato da ta Maraɗi sun saba haihuwar tagwaye, don haka kafin a ja komai sai a bi kowace ƙafa da yatsa har kafaɗa, a tabbata ita da kan na ɗa guda ne. Jan ƙafar wani da kan wani yana cushe su duka a ƙofa.

Matsalar da aka fi gani ita ce kai ya fito da ƙafa ɗaya, ɗayar ta maƙale a baya. Kafaɗar ƙafar da ta rage ce ke tokare ƙashin ƙugu, kuma ja ba ya warware wannan. Ana tsayar da uwar, ko a ɗaga bayanta ya fi gabanta tudu, a jira yunƙuri ya lafa, sannan a tura kan ɗan ciki kaɗan don a sami fili. Daga nan a bi wuya zuwa kafaɗa, a sauka har gwiwa, a lanƙwasa ta, a rufe kofaton da tafin hannu a jawo shi gaba. Rufe kofaton nan shi ne abu mafi muhimmanci, domin bangon mahaifar akuya siriri ne, kofato kuma yana iya yaga shi. Idan ƙafafu biyu da kai sun daidaita, sai a riƙe ƙafafun a sama da kofato, a ja lokacin da uwar ta yi yunƙuri, a dakata idan ta dakata. Ana jan ne waje sannan ƙasa, wajen ƙafafunta na baya. Ƙarfin mutum ɗaya ya isa. Idan har ana jin sai an ƙara mutum, to akwai abin da ya tare hanya.

Ɗan da ya zo da ƙafafun baya ba a juya shi, ana fito da shi a haka. Sai dai da zarar ƙugunsa ya fito kada a yi jinkiri, saboda cibiya tana matsewa alhali kansa yana ciki, yana iya shaƙar ruwa.

Akwai inda hannun mai kiwo ya ƙare, sai likitan dabbobi. Idan an yi minti goma sha biyar zuwa ashirin ana ƙoƙari ba a gyara kwanciyar ɗan ba, a tsaya a kira shi, domin ci gaba da lalube yana kumbura hanya ya ƙara wa likitan wahala. Haka nan idan yatsa biyu ko uku kawai ke shiga bakin mahaifa bayan dogon yunƙuri: ƙofa ce ba ta buɗe ba, kuma buɗe ta da ƙarfi yaga ta ne. Idan kai da ƙafafu ba za su wuce ƙugu tare ba, ɗan ya yi wa uwar girma, abin da kan faru idan aka haɗa ƙaramar tunkiya da babban rago irin Balami, ko ’yar akuya ta ɗauki ciki tun ba ta gama girma ba. Mafitarsa sau da yawa tiyata ce. Ruwa mai wari alamar ɗan ya mutu ya fara ruɓewa ne. Jini mai yawa, ko mahaifa ta fito waje bayan haihuwa, ko uwar ta kasa tashi, duk ba sa jiran gobe. Idan mahaifa ta fito, a rufe ta da tsumma mai tsabta da aka jiƙa har likita ya iso. Allurar naƙuda da wasu ke saye su yi da kansu haɗari ce babba: idan hanya a toshe take, tana iya fasa mahaifa.

Da ɗa ya faɗo, a share majinar hanci da baki, a goge jikinsa da ƙarfi da busasshen tsumma har ya yi numfashi, a tsoma cibiyarsa cikin aidin, a ajiye shi gaban uwar ta lashe shi. Ya sha dakashi cikin awa biyun farko, domin a nan yake samun kariya daga cututtuka. Idan an shigar da hannu, a sake dubawa ko akwai wani ɗan a ciki, kuma a nemi likita ya ga ko uwar tana bukatar maganin kashe ƙwayoyin cuta. Mabiyiya takan faɗo da kanta cikin ’yan awoyi, sai a binne ta. Ba a jan ta. Idan ta wuce awa goma sha biyu ba ta faɗo ba, ko uwar ta daina cin abinci jikinta ya yi zafi, a kira likita.