Fitsarin mai zazzaɓi: abin da ƙoda ke faɗa kafin ta tsaya

Daga watan Agusta zuwa Oktoba, lokacin da sauro ke cin karensa ba babbaka a ƙasar Hausa, gadajen asibiti kan cika da masu zazzaɓin cizon sauro. Idan ciwon ya yi tsanani, hankalin 'yan uwa yakan tafi kan abin da ido ke gani: jijjiga, suma, amai, idanu sun yi fari fat ko sun yi ruwan ɗorawa. Da wuya ka ji wani ya tambaya yaushe rabon majinyacin da fitsari. Alhali a nan ne ƙoda ke fara kai ƙara, kuma ƙararta ba ta da amo.

Ƙwayar cutar da ke jawo zazzaɓi mai tsanani a yankinmu, wadda likitoci ke kira falsifarum, cikin jajayen ƙwayoyin jini take shiga. Ƙwayoyin da ta kama sukan manne a bangon ƙananan jijiyoyi, su rage gudun jini. Ƙoda kuwa aikinta tace jini ne dare da rana, ba ta jure ƙarancinsa. Ga zazzaɓi da amai sun riga sun ƙone ruwan jiki. Sannan idan jajayen ƙwayoyin suka farfashe da yawa, jan sinadarin da ke cikinsu yana malalowa ya bi ta ƙoda, yana ƙona siraran bututunta. Shi ne ke mayar da fitsari baƙi kamar shayin da ba madara. A da ana ɗauka matsalar ta manya ce, amma binciken da aka yi kan yara a Yuganda da wasu ƙasashen Afirka ya nuna su ma tana kama su sosai, ba a dai aunawa ne.

Mu ɗauki misalin magidanci mai nauyin kilo 60. Ya kwana huɗu da zazzaɓi, yana shan maganin ciwon jiki daga kemis, ga jiƙo da aka haɗa masa a gida. A rana ta biyar ya kasa zama da kansa, yana ta shaƙuwa, matarsa kuma ta ce tun asuba bai nemi bayi ba. Ma'aunin da likitoci ke amfani da shi mai sauƙi ne: lafiyayyar ƙoda ba ta kasa fitar da rabin mililita na fitsari kan kowane kilo a kowace awa. Ga wannan mutum, mililita 30 ke nan a awa, 180 cikin awa shida, wato bai ma kai rabin ledar fiya wata ba. Duk abin da ya gaza haka cikin awa shida alama ce ta rauni. Ga yaro mai kilo 12, mililita 36 ne cikin awa shida, don haka uwa ta lura da zanin goyo ko kunzugu: idan ya yini a bushe, kada a jira gobe.

Sai dai fitsari kaɗai ba ya isa hujja, domin akwai waɗanda ƙodarsu ta yi rauni amma suna fitsari kamar kullum. Gwajin jini ne ke raba gardama. Ana auna kiriyatinin, wani datti da ƙoda ke fitarwa, wanda a jikin babba mai lafiya yakan tsaya wajen 60 zuwa 110 a ma'aunin maikuromol. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa 265 a matsayin alamar zazzaɓi mai tsanani, amma kafin a kai can ɓarna ta yi nisa. Ƙaruwar da ta kai rabin adadin da mutum ya saba da shi ta isa a tashi tsaye. A ganina, duk wanda aka kwantar da zazzaɓi mai tsanani ya cancanci wannan gwaji ranar farko, kuma ɗan uwa yana da ikon tambayar ko an yi.

Matakin farko a asibiti shi ne kashe ƙwayar cutar da allurar atesunet ta jijiya. Magidancin namu zai karɓi miligiram 144, wato 2.4 kan kowane kilo, nan take, sai bayan awa 12, sai bayan awa 24, daga nan sau ɗaya a rana har ya iya haɗiyar magani, sannan ya cika kwana uku na ƙwayoyin haɗaka. Yaron da bai kai kilo 20 ba miligiram 3 kan kilo ake ba shi. Raunin ƙoda ba ya sa a rage wannan allura.

Abin da ya fi wuya shi ne ruwa, kuma a nan ne dangi da ma'aikata suka fi samun saɓani. Mutanenmu sun yarda da ƙarin ruwa ƙwarai, har wani na ganin in ba a rataya leda ba to ba a yi magani ba. Gaskiya ne ƙodar da ta bushe tana bukatar ruwa. Amma idan bututunta sun riga sun lalace, ruwan da aka ɗura ba shi da mafita, sai ya taru a huhu, numfashi ya gagara. Wani babban gwaji da aka yi kan yara fiye da 3,000 a Yuganda da Kenya da Tanzaniya, aka wallafa a 2011, ya gano cewa ɗura ruwa da sauri ga yara masu zazzaɓi mai tsanani ya ƙara yawan mace-mace. Saboda haka a hankali ake bayarwa, a sa robar fitsari, a rubuta abin da ya shiga da wanda ya fita. Idan ruwan jiki ya daidaita amma fitsari bai dawo ba, akan taƙaita wa babba abin sha zuwa adadin fitsarin jiya da ƙarin kusan rabin lita. Kofin kunun da aka miƙa masa a ɓoye don tausayi yana cikin lissafin, dole a gaya wa nas.

Sai a janye duk abin da ke ƙara wa ƙoda nauyi. Diklofenak da ibufurofen na rage jinin da ke isa gare ta, allurar jentamaisin ma na cutar da ita, jiƙo kuwa ba wanda ya san ƙarfinsa. Farasitamol ne maganin zafin jiki a wannan hali. Dabino da ayaba da lemo, tsarabar da aka saba kai wa maras lafiya, cike suke da fotasiyam, sinadarin da idan ƙoda ta kasa fitar da shi yakan taru ya tsayar da zuciya farat ɗaya.

Idan fotasiyam ya hau ya ƙi sauka, ko ruwa ya cika huhu, ko jini ya yi tsami, ko datti ya fara gusar da hankali, sai wankin ƙoda. Wannan kalma na firgita mutane, domin sun san masu yin sa har ƙarshen rayuwa. Na zazzaɓi daban ne. Inji ne ke riƙe aikin na ɗan lokaci, kuma galibi ƙodar kan farfaɗo cikin kwanaki ko 'yan makonni. Ƙananan yara akan yi musu ta cikin ciki. Manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ne ke da injinan, don haka idan likitan ƙaramin asibiti ya ce a wuce gaba, a wuce tun majinyaci na iya jure hanya.

Lokacin warkewa fitsari kan ɓalle da yawa, har lita uku ko fiye a rana, sai kuma a koma tsare shi daga bushewa. Bayan sallama akwai awo biyu da bai kamata a tsallake ba: na yawan jini cikin mako biyu zuwa uku, domin wasu jininsu kan sake raguwa bayan atesunet, da na ƙoda da hawan jini bayan wata uku, saboda akwai waɗanda ƙodarsu ba ta komawa daidai gaba ɗaya.