Facin keke: sana'ar rani da kayan aiki kaɗan

Ƴan'uwa manoma, idan an gama girbi, mai iya facin keke ba ya rasa na cefane ranar kasuwa. Hanyoyinmu cike suke da ƙayar tsidau da ta aduwa, taya kuwa ba ta jimre musu.

Kayan aikin duk suna shiga jaka guda: famfo, sholisho, almakashi, magagari, sifana lamba 15 ta kwance ƙafar keke, ƙarafuna biyu marasa kaifi na cire taya, kwanon ruwa, da tsohon tib, wato robar ciki mai riƙe iska, wanda za a riƙa yankan faci daga jikinsa.

Ga yadda ake yi. Ka fitar da tib, ka ba shi iska, ka tsoma shi cikin ruwa kaɗan-kaɗan. Inda kumfa ke tashi, nan hudar take. Ka goge wurin ya bushe, ka kankare shi da magagari har ya daina sheƙi. Ka yanko faci mai zagaye, ka kankare shi shi ma. Ka shafa sholisho ba mai kauri ba ga su biyun, ka jira kamar minti 5, har ya daina bin yatsa. Sannan ka manna, ka danne da ƙarfi. Mai gaggawa da ya manna da ɗanyen sholisho, facinsa ba ya kai shi gida.

Amma gwani ba ya tsayawa nan. Yana duban hudar don ya gane abin da ya kawo ta. Huda guda ƙarama ta wajen da ke taka ƙasa, ƙaya ce. Huda biyu kusa da juna, ƙarfen ƙafar ne ya matse tib saboda ƙarancin iska, ko kaya sun yi yawa. Huda ta wajen ciki, bakin wayar ƙafa ne ya fito. Sai a goge shi da magagari, a rufe da zaren roba. Idan kuwa tib ya yage daga gindin bawul, faci ba ya kamawa. Ka gaya wa mai keke gaskiya, ya sayi sabo.

Ga misali. Wani ya kawo keke, an yi masa faci sau uku cikin mako guda, duk wuri ɗaya. Sai ka ɗora tib kan taya, bawul daidai inda yake, ka bi cikin tayar da tsumma a hankali. Tsumman zai maƙale ga tsinin ƙayar da ta karye a ciki. Muddin ba a cire ta ba, faci na huɗu ma ɓata kuɗi ne.

A kula: sholisho yana kama wuta, kuma shaƙarsa cuta ce. A rufe shi sosai, a aje cikin inuwa, nesa da yara.