Garkuwa Ce, Ba Takobi Ba: Iyakar Ƙa'idar Hana Janye Alkawari

A dokar yarjejeniya ta Ingila, wadda kotunan Najeriya suka gāda tun zamanin mulkin mallaka, alkawari shi kaɗai ba ya ɗaure mutum a gaban alƙali. Kafin kotu ta tilasta cika shi, dole wanda aka yi wa alkawarin ya nuna abin da ya bayar a madadinsa, ko kuɗi, ko aiki, ko wani alkawarin daga wajensa, ko kuma barin wani abu da yake da ikon yi idan mai alkawarin ne ya nemi ya bari. Wannan shi ne abin musaya, wato ba ni gishiri in ba ka manda. Ba a neman darajarsa ta kai ta alkawarin, ana dai so ya kasance akwai shi. Alkawarin kyauta ba ya samun goyon bayan kotu sai an rubuta shi a takarda ta musamman da doka ta tanada.

Sharaɗin yana da tsanani, kuma tsananin ya fi fitowa a sha'anin bashi. Idan mai bin bashi ya yarda ya karɓi rabi ya yafe saura, mai biya bai ba da wani sabon abu ba, domin abin da ya biya tun da farko ma wajibi ne a kansa. Saboda haka mai bin bashin na iya dawowa ya nemi cikon kuɗinsa. Kotun ƙoli ta Birtaniya ta tabbatar da haka a 1884, a shari'ar Foakes da Beer.

Ƙa'idar hana janye alkawari, wadda lauyoyi ke kira estofel na alkawari, ta zo ne don rage wannan tsanani. Tushenta na cikin shari'ar Hughes da Kamfanin Jirgin Ƙasa na Metropolitan ta 1877, amma shari'ar High Trees ce ta farfaɗo da ita. A 1937 wani kamfani ya ba kamfanin High Trees House hayar rukunin gidaje a Landan na shekara 99, a kan fam 2,500 duk shekara. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, mutane suka bar birnin, ɗakuna da yawa suka zama babu kowa. A watan Janairun 1940 mai gidan ya yarda a rubuce cewa a riƙa biyan fam 1,250. Ɗan hayar bai ba da komai ba a madadin wannan rangwame, ya dai ci gaba da biyan rabin. A farkon 1945 ɗakunan suka sake cika, sai aka shigar da ƙara ana neman cikakken kuɗin haya na wata shida na ƙarshen shekarar.

Mai shari'a Denning ya yanke hukunci a 1946 cewa mai gidan na da wannan haƙƙin, domin an yi rangwamen ne saboda halin yaƙi, kuma halin ya wuce. Amma ya ƙara da cewa da a ce mai gidan ya nemi cikon kuɗin shekarun yaƙi, da ba zai samu ba. Ya yi alkawari da nufin a dogara da shi, an kuwa dogara, don haka adalci ya hana shi juyawa baya. Wannan magana ta gefe, wadda hukuncin bai rataya a kanta ba, ita ce ta zama abin da ake tunawa da shari'ar.

Nan take tambaya ta taso. Idan alkawarin da babu musaya a cikinsa zai iya ɗaure mutum, me ya rage wa sharaɗin musaya? Amsar ta fito a 1951 a shari'ar Combe da Combe. A 1943, lokacin da ake raba aurensu, mijin ya yi alkawari ta hannun lauyansa cewa zai riƙa ba matar fam 100 duk shekara. Bai taɓa biyan ko sisi ba. Ita kuma ba ta je kotu neman kuɗin ciyarwa ba, ga shi abin da take samu ya ma fi nasa. A 1950 ta kai ƙara tana neman fam 675. Alƙalin farko ya yarda cewa babu abin musaya, amma ya dogara da High Trees ya ba ta fam 600, kuɗin shekara shida da wa'adin shigar da ƙara bai wuce a kansu ba.

Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe hukuncin, kuma Denning kansa na cikin alƙalan. Ta duba ko ƙin zuwanta kotu zai zama abin musaya, ta ga ba zai zama ba, domin mijin bai taɓa neman ta bari ba, ita ce ta bari don kanta. Game da ƙa'idar High Trees kuwa, ta ce ba ta haifar da sabon dalilin ƙara inda babu shi. Aikinta shi ne ta hana mutum tsayawa kan haƙƙinsa idan yin hakan zai zama zalunci bayan alkawarin da ya yi. A hukuncin Mai shari'a Birkett ne aka kamanta ta da garkuwa, aka ce ba takobi ba ce.

Bambancin shari'o'in biyu shi ne zuciyar batun. A High Trees akwai yarjejeniyar haya mai inganci tun farko, alkawarin ya rage nauyin da ke cikinta ne kawai, kuma ɗan hayar zai ɗaga shi ne don kare kansa daga neman ciko. A Combe babu wata yarjejeniya a ƙasa, alkawarin ne kaɗai abin da matar ta riƙe, tana son ta karɓi kuɗi da shi. Da kotu ta yarda, duk wani alkawarin kyauta da aka dogara da shi zai zama yarjejeniya, sharaɗin musaya kuma ya faɗi ta bayan gida. Saboda haka aka raba musu aiki. Musaya ce ke ƙulla sabon wajibi, ƙa'idar hana janye alkawari kuwa tana dakatar da wajibin da ke akwai ko ta rage shi.

Akwai kuskuren da ake yawan yi a nan, na ɗaukar cewa wanda ake ƙara ne kaɗai ke iya amfani da ita. Mai ƙara ma yana iya, muddin yana da dalilin ƙara mai zaman kansa, ƙa'idar ta zama tallafi gare shi kawai. Abin da za a tambaya shi ne, idan aka cire alkawarin, ƙarar za ta tsaya da ƙafarta? Idan ba za ta tsaya ba, an mai da garkuwa takobi.

Ita kanta garkuwar ba kowa ake ba ba. Dole alkawarin ya kasance a fili, a dogara da shi, kuma janye shi ya zama rashin adalci. A shari'ar D & C Builders da Rees ta 1965, magina suna bin fam 482, matar mai gidan ta san suna cikin matsin kuɗi, ta ce su karɓi fam 300 ko su rasa duka. Suka karɓa, daga baya suka nemi ciko, kotu ta ba su, domin alkawarin da aka karɓa ta hanyar matsa lamba ba ya kare wanda ya matsa. Haka kuma, a yawancin lokaci haƙƙin dakatar da shi ake yi, ba kashe shi ba. Mai shi na iya dawo da shi idan ya ba da sanarwa a kan kari, ko idan halin da ya sa aka yi rangwamen ya gushe.

Wasu ƙasashen sun kauce wa wannan iyaka. A Amurka ana iya kai ƙara a kan alkawarin da aka dogara da shi aka cutu. A Ostireliya, Babbar Kotu ta ba da diyya a 1988 a shari'ar Waltons Stores da Maher, inda mai fili ya rushe gininsa ya fara sabo bisa zaton kamfanin zai sa hannu a takardar haya, kamfanin kuma ya yi shiru yana sane, sannan ya fasa. Kotunan Ingila ba su bi wannan hanya ba, hukuncin Combe na nan daram a wurinsu.