Yaro Mai Gudawa: A Ba Shi Ruwa, A Ba Shi Abinci

A gidaje da yawa, da zarar yaro ya fara gudawa sai a janye masa abinci, da niyyar cikinsa ya huta. Wannan kuskure ne mai tsada. Ko yana zawo, hanjinsa na ci gaba da tsotse mafi yawan abin da ya ci, kuma abincin ne ke taimaka wa bangon hanjin ya warke. Yunwa kuwa ramar da shi take yi.

Babban haɗarin gudawa shi ne ƙarewar ruwan jiki, maganinsa kuma ruwan gishiri da sukari, wanda ake sayarwa a ƙunshe. Sukarin ne ke jan gishiri ya ratsa hanji, ruwa ya bi su. Ana zuba ƙunshi ɗaya cikin adadin ruwa mai tsabta da aka rubuta a jikinsa, galibi lita 1.

A ɗauki yarinya 'yar wata 10. Bayan kowane zawo, uwarta za ta ba ta rubu'i zuwa rabin kofi, cokali-cokali. In ta yi amai, a jira minti 10, a ci gaba a hankali. Nono kuwa kada a tsayar da shi. A ƙara da kunu mai kauri da ɗan mai ko ƙwai dafaffe, kaɗan-kaɗan, sau 6 a rana, da ƙwayar zinki kullum har kwana 10 zuwa 14.

Idan idanunta suka faɗa, ko ta kasa sha, ko aka ga jini a kashinta, a garzaya da ita asibiti.