Hira a Kemis: Aikin Gida Don Mai Koyon Magana da Hausa

Idan malami ya ce wa sabon ɗalibi, kamar ɗan bautar ƙasa da aka turo Kano daga kudu, ya rubuto hirar mai saye da mai sayarwa a kemis, yawanci abin da zai kawo bai wuce "Nawa ne?" da "Ga kuɗi" ba. Wannan cinikin tumatir ne. A kemis, mai kanti ne ya kamata ya fi yin tambaya, domin sai ya san wa zai sha maganin kafin ya miƙa shi. Ga yadda hirar za ta fi kama da gaskiya:

Hajiya: Salamu alaikum. Ina wuni, Malam?
Mai kemis: Wa alaikumus salam. Lafiya lau, Hajiya. Me za a ba ki?
Hajiya: Maganin ciwon kai nake so.
Mai kemis: Ke za ki sha, ko yaro?
Hajiya: Ni ce. Tun jiya kaina ke ciwo.
Mai kemis: Sannu, Allah ya sawwaƙe. Akwai zazzaɓi?
Hajiya: A'a, babu.
Mai kemis: Kin sha wani magani yau?
Hajiya: Ban sha komai ba.
Mai kemis: To ga farasitamol. Ki sha biyu da safe, biyu da rana, biyu da dare.
Hajiya: Biyu-biyu, sau uku a rana ke nan?
Mai kemis: Haka ne. Idan zazzaɓi ya zo, ki je a yi miki gwajin jini.
Hajiya: To. Nawa ne kati ɗaya?
Mai kemis: Naira ɗari uku. Allah ya ƙara sauƙi.

A ganina, layin da ya fi kowanne amfani shi ne inda Hajiya ta maimaita ƙa'idar shan maganin. A nan ɗalibi yake tuntuɓe, ya rikita "sau uku" da "ƙwaya uku" ko "kwana uku", kuma ba ƙaramin kuskure ba ne. Ƙwayar farasitamol ta manya miligiram 500 ce, kuma babba ba ya wuce ƙwaya takwas cikin awa 24, domin yawansa yana lalata hanta. Shi ya sa mai kemis ya tambaye ta ko ta sha wani abu: magungunan mura da dama suna ɗauke da farasitamol a ciki.

Wajen gwaji, ɗalibai biyu su karanta da murya, su rufe littafi su sake, sannan su yi musayar matsayi. Daga nan a canza abu ɗaya kacal. A mai da Hajiya Alhaji, sai duk "ki" ta koma "ka", "kin" ta koma "ka", "miki" ta koma "maka". Nan take malami zai ji wanda ya haddace kawai. Ko kuma a ce yaro ne ba shi da lafiya, sai mai kemis ya tambayi shekarunsa, ya ɗauko na ruwa, ya nuna wa uwar iyakar da za ta zuba a murfin awo.