Jabu, Rara, Kayan Bayan Fage da Sabuntacce

A shagunan waya na Titin Ahmadu Bello, kusa da Taminus a garin Jos, mai saye yakan ga wayoyi iri ɗaya amma farashinsu daban. Dalili shi ne ba hanya ɗaya suka biyo ba. Tambayoyi biyu ne suke raba su: wa ya ƙera kayan, kuma da izinin wa aka kawo su?

Jabu shi ne kayan da wani ya kwaikwaya, ya liƙa masa sunan kamfanin da bai ƙera shi ba. Wannan yaudara ce, kuma doka ta hana.

Rarar masana'anta ta bambanta da jabu. A ce kamfani ya ba wata masana'anta aikin caja 10,000, sai ta ƙera 11,000, ta sayar da sauran 1,000 a ɓoye. Injin ɗaya ne, amma kamfanin bai san da su ba, kuma sau da yawa ba a gwada ingancinsu ba. Saboda haka ba su da garanti.

Kayan bayan fage na ainihi ne, sai dai an yi su ne domin kasuwar wata ƙasa, ɗan kasuwa ya shigo da su ba ta hannun wakilin kamfanin ba. Suna aiki, amma wakilin kamfanin a Nijeriya yana iya ƙin gyara su kyauta.

Sabuntacce kuwa tsohon kaya ne na ainihi wanda kamfani ko amintaccen wakilinsa ya gyara. An canza abin da ya lalace, kamar batir, an gwada shi, an ba shi sabon garanti. Wayar da aka goge kawai aka sa a kwali kwance ce, ba sabuntacciya ba.

A ce Ladi ta ga waya mai araha a Taminus. Da farko sai ta danna *#06#. Lambar IMEI mai alƙaluma 15 za ta fito, ta kwatanta ta da ta jikin kwali. Idan sun saɓa, akwai matsala. Idan sun dace, aikin bai ƙare ba, domin masu jabu sukan kwafi lamba. Sai ta duba shafin kamfanin, ta ga an yi rajistar wayar a Amurka. Cajar ma mai ƙafa biyu ce irin ta can, ba mai ƙafa uku ta Nijeriya ba. Ke nan wayar ta bayan fage ce. Ladi tana iya saye, amma ta nemi rasit da garantin mai shago a rubuce.

Tambayoyi
1. Mene ne bambancin jabu da rara?
2. Me ya sa dacewar lamba kaɗai ba ta isa hujja ba?