Jirgin ruwan da aka zana da maɓuɓɓuga da mahaɗiya

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan gada lokacin damina ya ga yadda ruwa ke yi da ginshiƙin da ke ƙarƙashinta. Yakan ɗan taru a goshin ginshiƙin, ya rabu gida biyu, sannan ya zuba a guje ta gefe. Zana hanyar wannan ruwa a takarda ya daɗe yana ba masana wuya, domin da zarar an sa abu a cikin lissafi sai ya cakuɗe. William John Macquorn Rankine, farfesan injiniyanci a Jami'ar Glasgow ta ƙasar Sikotland, ya ɓullo wa al'amarin ta bayan gida. A wani rubutu da ya wallafa a 1864 kan siffar jikin jiragen ruwa, bai fara da jirgin ba. Da ruwan ya fara, ya bar ruwan ya zana masa jirgin.

Dabarar ta dogara ne da ƙaddarawa cewa ruwan ba shi da danƙo, ba ya matsuwa, kuma ƙwayoyinsa ba sa juyi. Irin wannan ruwa yana bin lissafin Laplace, wanda ke da wata kyakkyawar ɗabi'a: in aka samu amsoshi biyu aka tara su, jimillar ma amsa ce. Ke nan ana iya ɗora gudana a kan gudana, a tara saurinsu a kowane wuri.

A ɗauki kogi shimfiɗaɗɗe mai tafiya gabas, mita 1 a daƙiƙa. A tsakiyarsa a dasa maɓuɓɓuga mai watsa ruwa ta kowace fuska, lita 6,280 a daƙiƙa ga kowace mita ta zurfi. Saurin ruwanta yana raguwa da nisa bisa ƙa'idar m/(2πr), inda m ke nufin ƙarfinta, r kuma nisa. Da wannan adadi, saurin ya zama 1/r. A nisan mita 1 yamma da ita, ruwan da take turawa da wanda kogi ke kawowa ƙarfinsu ɗaya, sai su yi kunnen doki, ruwa ya tsaya cik. Daga wannan ɗigo wani layi ke tashi ya lanƙwasa ta gefe biyu, kuma ko ɗigon ruwa ba ya tsallake shi: na kogi yana waje, na maɓuɓɓuga yana ciki. To me ya raba layin da ruwa ba ya ratsawa da bangon ƙarfe? A wajen lissafi, babu. Ga goshin jirgi ya fito, sai dai bayansa a buɗe yake, faɗinsa yana doso mita 6.28 ba tare da ya rufe ba.

Abin da zai rufe shi shi ne mahaɗiya, wato rami mai haɗiye ruwa. A ajiye ta mita 2 gabas da maɓuɓɓugar, kuma lallai ƙarfinsu ya zama ɗaya, domin in ta bar ko kaɗan ba ta shanye ba, wutsiyar ba za ta haɗe ba. Yanzu wurin tsayawar ruwa ya matso zuwa mita 0.73 daga maɓuɓɓuga. Ana iya gwadawa: a wurin maɓuɓɓuga tana turawa yamma da saurin 1.37, mahaɗiya da ke nisan mita 2.73 tana ja gabas da 0.37, kogi ya ƙara 1, komai ya tashi babu. Siffar da ta fito kamar ƙwai take, tsawonta mita 3.46, faɗinta 2.61, kuma har yau da sunan Rankine ake kiran ta. In aka nisanta biyun, sai ta yi tsawo ta sirance. In aka matso da su har suka kusa haɗuwa ana ƙara musu ƙarfi, sai ta koma da'ira.

Amfanin ya wuce zane. A kafaɗar ƙwan, saurin ruwa ya kai mita 1.74 a daƙiƙa. Dokar Bernoulli ta ce inda gudu ya ƙaru matsi yakan ragu, don haka matsin kafaɗa ya faɗi da kwatankwacin nauyin ruwa mai zurfin santimita 10, na goshi kuma ya hau da kusan 5. Wannan ne tudun ruwan da mai kallo daga kan gada ke gani.

A bayan jikin ne lissafin ke tuntuɓe. Tun da siffar gaba da ta baya iri ɗaya ce, matsinsu ma ɗaya ne, sai amsa ta fito cewa ruwa ba ya tura jikin ko kaɗan. Duk wanda ya taɓa tuƙa kwalekwale ya san ba haka ba ne. Jean le Rond d'Alembert ya ci karo da wannan ɗaurin kai tun 1752, kuma ba a warware shi ba sai a 1904, lokacin da Ludwig Prandtl ya nuna cewa danƙon da aka yi watsi da shi yana aikinsa ne a wani siririn falle na ruwa da ke manne da jiki. A bayan abu mai ƙiba fallen yakan saki jikin, ruwa ya shiga kaɗawa yana juyi, matsin baya ya kasa dawowa. Injiniya yana gane hakan idan ya huda ƙananan ramukan awon matsi a jikin samfuri: a rabin gaba awo da lissafi sukan tafi kafaɗa da kafaɗa, daga inda fallen ya saki kuma sai su raba hanya.